Yadda garkuwar jiki ke kawaici ga jikin da take gadi, da abin da ke faruwa in kawaicin ya ƙare: tambayoyi da amsoshi

Ai garkuwar jiki ta jikin ce. Me zai sa har ta buƙaci a hana ta kai masa hari?

Saboda ba da sanin kowa ake haifar sojojinta ba. Manyan sojojin da ake magana a kansu iri biyu ne na fararen ƙwayoyin jini, ƙwayoyin T da ƙwayoyin B. Kowace ɗaya tana ɗauke da wani ɗan makami a bayanta mai kama da bakin mabuɗi, wanda siffa guda da masu kama da ita kawai yake iya kamawa. In ya dace da wani ɓangare na ƙwayar cuta, sai ƙwayar ta farka, ta hayayyafa, ta shiga yaƙi.

Matsalar tana wurin yadda ake ƙera waɗannan mabuɗai. Ƙwayoyin gadon ɗan Adam masu ba da umarnin yin furotin ba su wuce kusan 20,000 ba, amma jiki yana buƙatar mabuɗai miliyoyi masu yawa, har da na cututtukan da ba su ma bayyana a duniya ba tukuna. Dabarar da ake yi ita ce, kowace ƙwaya tun tana ƙarama takan yanko gutsattsarin gado daga rukunai uku da ake kira V, D da J, ta harhaɗa su kamar yadda suka zo mata, sannan ta ɗan ƙara ko ta rage a mahaɗar. Babu mai zaɓa mata. To abin da aka yi da ka, dole wani ya dace da ƙwayar tarin fuka, wani da ta ƙyanda, wani kuma ya dace da insulin ɗin mutum, ko naman zuciyarsa, ko fatarsa. Ke nan masu iya kai wa jiki hari ana yin su kullum, a jikin kowa. Abin tambaya shi ne yadda ake yi da su.

Hanyoyin da jiki ke bi ya hana su ɓarna su ne zan riƙa kira kawaici a wannan shafi. Iri biyu ne. Akwai kawaicin tushe, wanda ake koyarwa a inda ƙwayoyin ke girma. Akwai kawaicin fage, wanda ke aiki bayan sun fita cikin jini da sauran sassan jiki.

Ta yaya aka gane cewa koyon abin ake yi?

Daga shanu aka fara ganewa. A shekarar 1945 wani masani a Amurka, Ray Owen, ya lura da tagwayen maruƙa waɗanda ba ƙwai ɗaya suka fito ba. Jininsu yakan gauraya tun suna ciki, kuma bayan an haife su kowanne yana ci gaba da ɗauke da ƙwayoyin jinin ɗan'uwansa har girma, garkuwarsa ba ta taɓa su. Da a ce bayan girma aka zuba masa wannan jinin, da ta yaƙe shi. Macfarlane Burnet ya ɗora a kan haka ya ce abin da garkuwa ta gani tun tana tasowa shi take ɗauka na gida. Peter Medawar da abokan aikinsa suka gwada a ɓeraye a 1953, suka tabbatar. Burnet da Medawar aka ba kyautar Nobel a 1960.

Me ake yi wa ƙwayoyin T a inda suke girma?

A ɓargo ake haifarsu, amma makarantarsu wata 'yar tsoka ce a bayan ƙashin ƙirji, saman zuciya, mai suna taimus. A jikin yaro babba ce, daga balaga kuma sai ta yi ta ƙanƙancewa kitse yana maye gurbinta. Mahauta kan gan ta a wuya da ƙirjin ɗan maraƙi, a tsohon sa kuwa da ƙyar a same ta. An daɗe ana ɗauka ba ta da wani amfani, sai a 1961 Jacques Miller ya cire ta daga jariran ɓeraye ya ga garkuwarsu ta rushe.

Kafin a fahimci jarrabawar da ake yi a ciki, sai an san yadda ƙwayar T take gani. Ba ta ganin furotin a dunƙule. Ƙwayoyin jiki suna daddatsa furotin ɗin da ke cikinsu ƙanana-ƙanana, su ɗora kowane guntu a kan wani faifai da ake kira HLA, su fito da shi waje, kamar mai talla ta ɗora samfurin kayanta a bakin tire. Ƙwayar T tana zuwa ta taɓa faifan da abin da ke kansa. In guntun na ƙwayar cuta ne, an kama ɓarawo.

Jarrabawa ta farko a ɓangaren waje na taimus ake yin ta, kuma tambayarta ita ce: kina iya gane faifan HLA na wannan jikin ko kaɗan? Wadda mabuɗinta bai iya kama shi ba ba ta da amfani, tunda ba za ta taɓa ganin talla ba. Ba kashe ta ake yi ba, saƙon ci gaba da rayuwa ne ba ta samu, sai ta mutu da kanta cikin 'yan kwanaki. Mafi yawan masu faɗuwa a nan suke faɗuwa.

Jarrabawa ta biyu ta fi ƙarfi a tsakiyar taimus. Nan ana nuna wa waɗanda suka tsallake guntayen furotin na jikin kansa. Wadda ta cafke da ƙarfi ta nuna ita mai haɗari ce, sai a ba ta umarnin ta kashe kanta. Wadda ta taɓa sama-sama ta wuce, ita ce ke fita. Akwai kuma 'yan tsakiya, masu kamu da ɗan ƙarfi amma bai kai na kisa ba. Wasu daga cikinsu akan sauya musu aiki su zama masu tsawatarwa, za mu zo kansu. In aka tattara, cikin ƙwayoyi 100 da suka shiga makarantar, waɗanda ke fita da rai ba su cika wuce 2 zuwa 5 ba.

Insulin a ciki ake yin sa, taimus kuma tana ƙirji. Yaya za ta gwada ƙwaya da abin da ba ta da shi?

Wannan tambayar ta daɗe tana damun masana, kuma a ganina amsarta ce mafi ban mamaki a duk fannin. Wasu ƙwayoyi da ke tsakiyar taimus suna da wani furotin mai suna AIRE, wanda aikinsa shi ne ya buɗe dubban ƙwayoyin gado da a ƙa'ida ba na taimus ba ne. Sai ka ga ƙwaya a ƙirji tana yin ɗan insulin, maƙwabciyarta tana yin ɗan furotin na ido, ta gaba tana yin na tayirod, wato tsokar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Ba don jiki ya yi amfani da su ake yi ba, don a nuna ne kawai. Kowace ƙwaya kaɗan take bajewa a lokaci guda, shi ya sa ƙwayar T ke shafe kwanaki tana zagaye daga wannan rumfa zuwa waccan kamar mai cin kasuwa, kafin a sallame ta.

An san muhimmancin AIRE ne daga mutanen da aka haifa ya lalace musu. An gano ƙwayar gadonsa a 1997, a binciken wata cuta mai suna APS-1 wadda aka fi gani a Finland da tsibirin Sardiniya da Yahudawan Iran. Yaro mai ita yakan fara da farin ƙurajen fangas a baki da farce waɗanda ba sa jin magani, sannan sinadarin kalsiyam ya faɗi a jininsa har jijiyoyi su riƙa ɗaurewa, saboda garkuwa ta cinye 'yan tsokokin da ke daidaita shi, daga baya kuma ta afka wa tsokar da ke saman ƙoda. Gaɓa bayan gaɓa, shekara bayan shekara. Shi ma fangas ɗin ba daga raunin garkuwa kai tsaye yake ba: jiki ne ya yi antibodi, wato makaman da ƙwayoyin B ke saki cikin jini, da ke toshe saƙonnin da garkuwa ke amfani da su wajen yaƙar fangas. Kaikayi ya koma kan masheƙiya.

Ba sai AIRE ya lalace gaba ɗaya ba ma. Akwai bambancin gado a kusa da ƙwayar gadon insulin da ke sa taimus ɗin wasu mutane ta baje insulin kaɗan, na wasu da yawa. Masu baje kaɗan sun fi fuskantar ciwon sukari nau'i na 1, wanda garkuwa ke kashe ƙwayoyin da ke yin insulin.

Ƙwayoyin B fa?

Su a ɓargo ake tace su, kuma ana yi musu sassauci guda da ya kamata a sani. In ƙaramar ƙwayar B ta kama wani abu na jiki da ƙarfi, ba nan take ake kashe ta ba, ana ba ta dama ta sake ƙera rabin mabuɗinta. In sabon ya fita daga haɗari, ta tsira. In bai fita ba, ta mutu ko a sakar mata kasala. Wani bincike na 2003 ya nuna cewa fiye da rabin ƙwayoyin B na farko-farko a ɓargon mutum mai lafiya suna kama kayan jikinsa kafin a tace. Babban abin da ke riƙe waɗanda suka zille shi ne, ƙwayar B ba ta iya yin antibodi mai ƙarfi mai ɗorewa sai ƙwayar T ta ba ta izini. Saboda haka in aka riƙe T da kyau, an riƙe B.

In ana irin wannan tacewa, ta ina masu haɗari ke kuɓuta?

Ta ƙofa biyu. Ta farko, ba a iya tsananta jarrabawar fiye da kima. Kowace ƙwayar T tana iya kama guntaye iri-iri masu kama da juna. Da za a kashe duk wadda ta ɗan taɓa wani abu na jiki, da ba za a bar ko ɗaya da za ta yaƙi cuta ba. Dole a sa iyaka a wani wuri, kuma duk inda aka sa ta, akwai waɗanda za su wuce ta ƙarƙashinta da ƙyar.

Ta biyu, kasuwar taimus ba ta da komai da komai. Misalin da zai yi mana amfani a gaba shi ne wani furotin na naman zuciya mai suna alfa-mayosin. An nuna a 2011 cewa ƙwayoyin tsakiyar taimus ba sa baje shi, a ɓeraye da mutane. Ke nan ƙwayoyin T masu gane shi ba a taɓa yi musu tambaya a kansa ba, suna yawo a jinin mutane masu ƙoshin lafiya.

To me ya hana su cinye zuciyar kowa?

Kawaicin fage. Abu na farko shi ne ƙwayar T sabuwar fita ba ta tashi da gani kawai. Tana buƙatar saƙo biyu a lokaci guda. Na ɗaya shi ne mabuɗinta ya kama guntu a kan faifai. Na biyu shi ne wanda ya nuna mata faifan ya tabbatar mata akwai haɗari, ta hanyar wata alama mai suna B7 da ke haɗuwa da CD28 a jikinta. Masu nuna faifan na musamman, waɗanda ke kwaso samfuri daga sassan jiki su kai kaluluwa, ba sa ɗaga wannan alama sosai sai sun ji ƙamshin ƙwayar cuta ko na nama da ya lalace. A ranar lafiya suna kai guntayen jiki ba tare da ita ba. Ƙwayar T da ta sami saƙo na ɗaya babu na biyu ba komawa take yi ta jira ba. Sandarewa take yi, ko gobe an kawo mata duka biyun da wuya ta motsa. Wata kuma mutuwa take yi.

Abu na biyu birki ne. Da zarar ƙwayar T ta tashi, sai ta fito da wani furotin mai suna CTLA-4, wanda ya fi CD28 iya riƙe B7, ya ƙwace alamar. Akwai wani birkin, PD-1, da ke aiki a cikin naman gaɓoɓin jiki in faɗa ya daɗe. Ɓerayen da aka cire musu CTLA-4 ba sa wuce mako 3 zuwa 4 a duniya, ƙwayoyin T sun cika musu zuciya da sauran kayan ciki.

An ga wannan a mutane ma, ta hanyar da ba a nufa ba. Akwai magungunan ciwon daji, wato kansa, da aka yi su don su cire waɗannan birkin, garkuwa ta samu ta kai wa kansar hari. James Allison da Tasuku Honjo sun sami Nobel a kansu a 2018. Suna aiki, amma wasu majinyata sukan samu kumburin hanji, ko na tayirod, ko na fata. Kaɗan daga ciki, kusan 1 cikin 100 ko ƙasa da haka, sukan samu kumburin naman zuciya mai iya kisa, kuma da aka bincika ƙwayoyin T da ke cikin zuciyar wasunsu an sami masu gane alfa-mayosin. Sai ka ga mutum ya yi shekara 60 yana ɗauke da su ba su taɓa shi ba. Birki kawai aka cire.

Su wane ne masu tsawatarwar da aka ambata?

Wani rukuni ne na ƙwayoyin T da ake kira Treg, kusan kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na ƙwayoyin T masu alamar CD4, wato masu ba sauran sojoji umarni. Su ma kayan jiki suke ganewa, amma in sun gane, maimakon faɗa sai su kwantar da na kusa da su. Suna warce alamar B7 daga jikin masu nuna faifai, suna shanye sinadarin IL-2 da mayaƙa ke buƙata don hayayyafa, suna kuma fitar da saƙonnin lallashi.

Tun 1969 aka lura a Japan cewa in aka cire taimus ɗin ɓera a kwana na 3 da haihuwa, garkuwarsa kan afka wa jikinsa, abin da ya nuna akwai wasu masu tsaro da ba su gama fitowa ba a lokacin. Shimon Sakaguchi ne ya ware su a 1995. A 2001 Mary Brunkow da Fred Ramsdell suka gano ƙwayar gadon FOXP3, wadda daga baya aka tabbatar ita ce ke mayar da ƙwaya Treg. Jarirai maza da aka haifa ta lalace musu suna da cutar IPEX: gudawa mai tsanani, ƙurajen fata, da ciwon sukari tun suna 'yan makonni ko watanni. Taimus ɗinsu tana tacewa, amma hakan bai cece su ba. Sakaguchi da Brunkow da Ramsdell aka ba kyautar Nobel ta 2025.

Waɗannan duk cututtuka ne da ba a cika gani ba. Akwai misalin da ya shafe mu?

Akwai, kuma yana cikin unguwanninmu: zazzaɓin da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro ya lalata bawul ɗin zuciya, wato ƙofofin da ke hana jini komawa baya. Sama da mutum miliyan 40 ke ɗauke da wannan ciwon zuciya a duniya, yana kashe sama da 300,000 a shekara, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin inda ya fi yawa.

Mu ɗauki yarinya 'yar shekara 9, mai kwana ɗaki ɗaya da 'yan'uwa shida. Ta tashi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, haɗiyar yawu na yi mata wuya, kaluluwar wuyanta ta kumbura tana zafi, amma babu tari babu majina. Wanda ya leƙa bakinta zai ga ja da ɗigon fari kamar mugunya a gefe biyu. Wannan shi ne kamannin bakteriyar sitiref rukunin A. An sayo farasitamol, wata daga cikin iyaye ta ce belu ne a kai ta wurin wanzami. Cikin kwana huɗu ko biyar ta warke, don ciwon yana wucewa da kansa. Kowa ya manta.

A cikin jikinta kuwa yanzu aka fara. Masu nuna faifai sun kwashi guntayen bakteriyar sun kai kaluluwa, kuma tunda cuta ce ta gaske, sun ɗaga alamar B7 sosai. Saƙo biyu ya cika. Ita wannan bakteriya tana da wani furotin a bayanta mai suna M, dogo mai murɗe kamar igiya biyu da aka tufka, kuma haka mayosin na zuciya yake. Tana da wani sukari a bangonta da shi ma antibodin da aka yi dominsa kan kama furotin na jiki. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, amma mabuɗi bai san wannan magana ba, siffa kawai ya sani. Cikin ƙwayoyin da aka tasa don yaƙar bakteriyar akwai masu kama kayan zuciya, irin waɗanda suka wuce ta ƙarƙashin iyaka a taimus. An tashe su da izini cikakke, kuma ƙwayar da ta riga ta tashi ba ta ƙara buƙatar saƙo na biyu kamar da. Wannan shi ne bayanin da ya fi ƙarfi a wurin masana.

Bayan mako 2 zuwa 3, lokacin da ake ɗauka kafin rundunar ta taru, sai zazzaɓi ya dawo. Gwiwarta ta dama ta kumbura, ko zane ya taɓa ta sai ta yi kuka. Kwana biyu ta lafa, idon sawun hagu ya ɗauka, daga nan gwiwar hannu. Wannan yawon ciwo daga gaɓa zuwa gaɓa babbar alama ce. Gaɓoɓin za su warke sumul. Zuciya ce ba ta warkewa haka. Antibodin yana manne wa fatar bawul, musamman wanda ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu, fatar ta kumbura ta zama mai danƙo, ƙwayoyin T su samu hanyar kutsawa ciki. Da nama ya fara lalacewa, sai wasu furotin da a da suke ɓoye, kamar kolajin, su fito fili a tsakiyar rikici, a tashi sabbin ƙwayoyi a kansu. Faɗan da aka fara a kan abu ɗaya ya bazu zuwa wasu da ba su da alaƙa da bakteriyar.

Wasu yaran, musamman mata, bayan watanni sukan fara wani motsi da ba su iya hanawa: hannu na fizga, fuska na yamutsewa, kofi na faɗuwa, rubutu ya lalace, ga saurin kuka. Sau da yawa gida kan ce iska ce ta taɓa ta. Antibodin nan ne ya kai wani sashe na ƙwaƙwalwa mai daidaita motsi. Yakan lafa in ta yi barci, kuma yakan wuce, amma yaron da ya yi shi dole a duba zuciyarsa.

Garkuwa ba ta mantuwa. Duk lokacin da bakteriyar ta sake kama maƙogwaron yarinyar, rundunar za ta tashi da sauri fiye da da, bawul ya ƙara tabo, ya yi kauri, ya riƙa yoyo ko ya tsuke. Mai yiwuwa ba za a sani ba sai ta yi aure ta yi ciki, jinin jikinta ya ƙaru da kusan rabi, tsukakken bawul ya kasa wucewa da shi, ta fara haki ko kwanciya ba ta iyawa.

Yara da yawa suna ciwon maƙogwaro. Me ya sa ba duka suke kamuwa ba?

Ko a lokacin da bakteriyar ta ɓarke ba a yi magani ba, kusan 3 cikin 100 ne ke kaiwa ga wannan zazzaɓi. Sauran 97 kawaicinsu ya riƙe. Kama kaɗai ba ta isa. Sai abubuwa sun taru. Akwai gado, musamman irin faifan HLA da mutum ya gada, domin wani faifan ya fi wani iya ɗaukar guntun mai kama da na zuciya, kuma shi ne dai faifan da aka yi jarrabawar taimus da shi. Akwai nau'in bakteriyar. Akwai yawan maimaita kamuwa, wanda cunkoso ke kawowa. Akwai shekaru: an fi gani tsakanin 5 da 15, da wuya a gan shi a ƙasa da shekara 3.

Haka lamarin yake a yawancin cututtukan da garkuwa ke kai wa jiki hari. Irin su APS-1 da IPEX, inda ƙwayar gado ɗaya ta isa, tsiraru ne. A ciwon sukari nau'i na 1 ko lufus, ciwon da garkuwa ke afka wa fata da gaɓoɓi da ƙoda, ana samun tagwaye 'yan ƙwai ɗaya, gadonsu iri ɗaya sak, ɗaya ya kamu ɗaya bai kamu ba. Jinsi ma yana da tasiri a wasu: cikin manya 10 masu lufus, kusan 9 mata ne.

In gwajin jini ya nuna antibodi mai kama kayan jiki, an kamu ke nan?

A'a, kuma a nan ake yawan tsorata mutane a banza. Tunda masu gane kayan jiki suna cikin kowa, ba abin mamaki ba ne a ga sawunsu a jini. Gwajin ANA da ake yi in ana zargin lufus yakan fito da alama a kusan mutum 5 cikin 100 masu lafiya a ma'aunin 1:160, wato in an sirka jinin sau 160, in aka sassauta zuwa 1:40 kuma adadin ya ninka sau da yawa. Gwajin RF na amosanin gaɓoɓi yakan tashi a masu tarin fuka, ciwon hanta, har da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa. Gwajin ASO kuwa abin da yake faɗa kawai shi ne mutum ya haɗu da sitiref kwanan baya, kuma a wurin da bakteriyar ta yi yawa yara masu lafiya da dama nasu a sama yake. Na sha ganin an ɗora wa yaro allura ta shekaru saboda ASO kaɗai, wanda kuskure ne.

Likita yana haɗa labari ne da alamu da gwaji. A misalinmu ana bin ƙa'idojin Jones, da aka fara tsarawa a 1944 aka sabunta a 2015: shaidar sitiref, tare da manyan alamu biyu, ko babba ɗaya da ƙanana biyu. Manyan su ne kumburin zuciya, kumburin gaɓoɓi, motsin nan na fizga, wani jan zane a fata mai wuyar gani a baƙar fata, da 'yan ƙulluwa marasa zafi a ƙarƙashin fata. Hoton zuciya na eko yana kama yoyon bawul tun kafin kunne ya ji shi.

Ana iya mayar da kawaicin in ya ɓace? Magungunan ƙara ƙarfin garkuwa fa?

Matsalar ba ta ƙarfi ko rauni ba ce, ta saiti ce. Mai irin wannan ciwo ba ƙarin mayaƙa yake buƙata ba, don haka abin da ake tallatawa da sunan ƙara garkuwa ba shi da hurumi a nan. Yawancin magungunan da ake da su, kamar firedinisolon, danne garkuwar suke yi gaba ɗaya, mai laifi da marar laifi. Suna ceton rai a lufus da makamantanta, amma suna buɗe wa cututtuka ƙofa, shi ya sa akan duba tarin fuka da ciwon hanta kafin a fara masu ƙarfi daga cikinsu. Sake koya wa garkuwa ta ƙyale abu guda tak har yanzu a matakin gwaji yake. Abin da ya fi kusa shi ne wani magani da aka amince da shi a Amurka a 2022, mai jinkirta bayyanar ciwon sukari nau'i na 1 da kusan shekara 2 ga waɗanda aka gano da wuri.

A ciwon yarinyarmu, asfirin da firedinisolon suna kwantar da zazzaɓi da kumburi, amma ba a nuna suna hana bawul lalacewa ba. Tunda ba a iya goge abin da garkuwarta ta haddace, sai a hana ta sake ganin abin da ke tayar da ita. Ana yi mata allurar fenisilin mai daɗewa a jiki, ta benzatin, yunit miliyan 1.2 ga wanda ya kai kusan kilo 30, rabin haka ga wanda bai kai ba, duk mako 4, ko mako 3 in haɗarin ya yi yawa. In zuciya ba ta taɓu ba, shekara 5 ko har ta kai 21, duk wanda ya fi tsawo. In bawul ya riga ya lalace, shekara 10 ko har 40, wani lokaci har ƙarshen rayuwa. Allurar tana da zafi, kuma sau da yawa akan daina zuwa, lokacin da yarinya ta yi ƙiba kowa ya ga ta warke.

Da tun ranar ciwon maƙogwaron farko ne, amoksisilin na kwana 10 cif, ko allurar benzatin guda ɗaya, zai kawar da bakteriyar kafin rundunar ta gama taruwa. Ko an makara, in aka fara cikin kwana 9 da somawar ciwon yana hana zazzaɓin. Cire belu bai taɓa bakteriyar ba.